Ƙanƙara da kakin zuma a ƙarƙashin matsi

"Malaminmu ya ce idan an matse ƙanƙara tana narkewa. To ba matsi ne ke sa abu ya ƙara tauri ba? Me ya bambanta ta da sauran abubuwa?" in ji Hadiza.

Malama Hadiza, ajiye kakin zuma da ƙanƙara gefe da gefe. Narkakken kaki idan ya daskare tsukewa yake yi, shi ya sa za ki ga tsakiyarsa ya lotsa. Ruwa kuwa kumbura yake yi, har ya fasa kwalba a firiza. Kilo ɗaya na ruwa lita 1.000 ne, da ya zama ƙanƙara sai ya ci lita 1.091. Matsi kullum yana goyon bayan yanayin da ya fi cin ƙaramin wuri. A wajen kaki daskararren ne ƙarami, don haka matsi na hana shi narkewa. A wajen ƙanƙara ruwan ne ƙarami, sai matsin ya tura ta ta koma ruwa.

A zanen da aka sa zafi a kwance, matsi a tsaye, layin narkewar kaki ya karkata dama, na ƙanƙara ya karkata hagu. Dokar Clapeyron ce ke ba da karkatar, wato canjin matsi (dP) a kan canjin zafi (dT):

dP/dT = L / (T × ΔV)

L zafin da ake buƙata a narkar da abu ne, kullum sama da sifiri yake, haka ma T, wato ma'aunin zafin narkewa a Kelvin. Saboda haka ΔV, wato canjin girma yayin narkewa, shi kaɗai ke yanke hukunci. Na kaki ƙari ne, na ƙanƙara ragi ne.

Mu sa lambobin ƙanƙara: L = 334,000 J/kg, T = 273 K, ΔV = −0.000091 m³/kg. Amsar ta kai kusan −13,400,000 Pa, wato pascal na auna matsi, a kowane digiri. Ma'ana sai an danna ta da ninkin matsin iska kusan 133 kafin ma'aunin narkewarta ya sauka da digiri ɗaya tak. James Thomson ya lissafo wannan a 1849, ɗan'uwansa William ya tabbatar da gwaji a 1850.

A nan ne nake ganin ake zuzuta maganar. Mace mai kilo 70 ta ɗora duk nauyinta a kan tsinin takalmi mai faɗin murabba'in santimita ɗaya, matsin zai kai ninki 68 na iska, ragin kuwa rabin digiri ne kawai. Ƙanƙarar da ke dab da 0°C za ta jiƙe a ƙarƙashin tsinin, amma wadda ta fito daga firiza a −18°C ko gezau. Idan kika matse ta a tafin hannu kika ga ruwa, ɗumin jikinki ne ya yi aikin.

Abin kuma yana da iyaka. A wajen −22°C da matsin iska ninki 2,000 da 'yan kai, ruwa na daskarewa ya zama wata irin ƙanƙara da ta fi shi nauyi, daga nan layin ya juya dama kamar na kaki.