Kafin ka biya mai gyara: da me za ka auna faɗuwar masu shiga shafinka?

In masu shiga shafinka suka ragu dare ɗaya, kayan awon da ke gabanka uku ne zuwa huɗu, kuma ni dai Search Console nake fara buɗewa, wato ma'aunin Google da ke nuna yadda masu bincike ke samun shafinka. Kyauta ne, yana ajiye bayanan wata 16, sannan lissafinsa daga wajen Google yake fitowa, bai dogara da lambar da aka dasa a shafinka ba. Wannan kaɗai ya sa na fifita shi.

A ce shafin girke-girke ne da ke samun mutum 4,000 a rana, ranar Talata Google Analytics ya nuna 300. Jira kwana biyu, don bayanan Search Console kan ɗan makara, ka duba Clicks na wannan Talatar, wato sau nawa aka danna shafinka daga sakamakon binciken Google. In suna nan yadda suke, masu zuwa daga Google ba su gudu ba, mai yiwuwa ma'aunin Analytics ne ya mutu. Galibi an sauya fasalin shafin ne, lambar Analytics mai farawa da G- ta ɓace. Shiga shafin da wayarka ka buɗe Realtime a Analytics, inda ake ganin waɗanda ke kan shafin a lokacin. In ba ka ga kanka ba, magana ta ƙare. In kuwa adadin buɗe shafuka ne ya rabu biyu cif, mai yiwuwa a da lambar sau biyu aka dasa ta, yanzu aka cire ɗaya.

Sauyin tsarin da Google ke jera sakamakon bincike da shi galibi ba ya sara irin haka. A hankali yake zaftarewa, Average position, wato matsayinka a jerin sakamakon, na ja da baya, wasu shafuka su faɗi wasu su tsira. Google na sanar da manyan sauye-sauyensa a Search Status Dashboard, na Maris 2024 ma kwana 45 ya ɗauka. Sai ka gwada ranakun da naka.

In faɗuwar ta yanayi ce kuma, matsayinka bai motsa ba, Impressions ne suka ragu, wato masu nema ne suka yi ƙasa. Google Trends zai tabbatar. Amma kada ka gwada da rana irin ta bara: azumi na matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka makon bayan Sallah za ka gwada da makon bayan Sallar bara.

Manhajojin kuɗi masu auna girgizar Google, girgizar kowa suke nuna maka, ba taka ba. Ajiye kuɗinka.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu turo saƙo cewa "Google ya hukunta ka, kawo kuɗi mu cire." Hukunci na hannu, wanda ma'aikatan Google ke yankewa da kansu, yana fitowa ɓaro-ɓaro a Manual actions cikin Search Console, in babu komai a wurin to babu shi. Wasunsu kan karɓi kuɗin bayan Sallah, su bari kasuwa ta dawo da kanta su ce aikinsu ne. Wasu su sayo maka maziyartan bogi, lissafi ya tashi, asusun tallarka ya shiga haɗarin rufewa. Duk wanda ya yanka maka farashi bai nemi ganin Search Console ɗinka ba, kada ka ba shi ko sisi, balle kalmar sirrinka.