Ranakun da suka koma baya da shekara huɗu: tsarin 1900 da na 1904 a Excel

"Assalamu alaikum. Na kwafo ranakun kama aikin ma'aikatanmu daga wani tsohon fayil na Excel zuwa sabon da nake haɗawa, sai duk suka koma baya. Wanda ya kama aiki 15 ga Maris 2010 ya zama 14 ga Maris 2006. Ban taɓa komai ba. Me ya jawo haka, kuma yaya zan gyara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, bayananka ba su lalace ba. Fayilolin nan biyu ne kowanne yake ƙirga kwanaki daga wani mafari daban, kuma wannan kwana ɗayan da ya ƙaru a kan shekara huɗun shi ne shaidar da ta sa na gane matsalar tun kafin in ga fayil ɗin.

Excel ba ya ajiye rana a yadda kake ganinta. Lamba yake ajiyewa, wato adadin kwanakin da suka wuce tun daga wata rana ta farko, sannan ya sa mata rigar kwanan wata don idonka. In kana son gani da kanka, zaɓi akwatin da ranar take ciki ka mayar da tsarinsa General, za ka ga ranar ta ɓace, lamba mai gida biyar ta fito. To wannan ranar ta farko, iri biyu ce.

A tsarin 1900, ranar 1 ga Janairu 1900 ita ce lamba 1. Shi ne tsarin da Excel na Windows yake buɗe sabon fayil da shi tun asali. A tsarin 1904 kuwa, ranar 1 ga Janairu 1904 ita ce lamba 0, washegari 2 ga wata ta zama 1. Wannan shi ne wanda Excel na kwamfutar Mac yake amfani da shi a da, har zuwa fitowar 2008. Daga fitowar 2011 Mac ma ya koma kan 1900. Sai dai zaɓin yana zaune ne a cikin fayil, ba a kwamfutar ba. Fayil ɗin da aka fara a tsohuwar Mac zai ci gaba da riƙe 1904 ko da ya shekara goma yana yawo a filash daga wannan ofis zuwa wancan, kuma duk wanda ya yi masa Save As ya goge abin ciki ya mayar da shi nasa, ya gaji tsarin bai sani ba. Ina kyautata zaton haka tsohon fayil ɗinku yake.

Ga yadda suke idan aka jera su kusa da juna, da ranar da ka kawo:

| | Fayil mai tsarin 1900 | Fayil mai tsarin 1904 |
|---|---|---|
| Lambar 15 ga Maris 2010 | 40252 | 38790 |
| Yadda yake karanta 38790 | 14 ga Maris 2006 | 15 ga Maris 2010 |
| Yadda yake karanta 40252 | 15 ga Maris 2010 | 16 ga Maris 2014 |

Dubi layi na biyu. Tsohon fayil ya ajiye 38790, kuma a wurinsa wannan 15 ga Maris 2010 ce. Lambar ta tsallako sabon fayil yadda take, shi kuma ya fara ƙirgarta daga 1900, sai ya tsaya a 14 ga Maris 2006. Da a ce daga naka ka kwafa zuwa tsohon, da gaba ranar za ta yi, ta zama 16 ga Maris 2014.

Tazarar kullum kwana 1462 ce. Shekara huɗu daga 1900 zuwa 1903 a lissafin Excel kwana 1461 ne, sai ɗaya da ya ƙaru saboda wannan tsarin ya fara daga 1, wancan kuma daga 0. Akwai ɗan labari a cikin wannan 1461 ɗin. Shekarar 1900 ba ta da 29 ga Fabrairu, domin shekarar da ta ƙare da sifiri biyu ba ta samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba ta daidai, kamar 2000. Amma manhajar Lotus 1-2-3, wadda ita ce a hannun mutane kafin Excel ya yi ƙarfi, ta lissafa 1900 a matsayin mai kwana 366. Microsoft ya bar kuskuren da gangan don fayilolin Lotus su buɗe daidai, kuma har yau in ka rubuta 60 a fayil mai tsarin 1900 ka mayar da ita rana, 29 ga Fabrairu 1900 za ka gani, ranar da ba a taɓa yi ba. Tsarin 1904 ya kauce wa wannan gaba ɗaya tunda ya fara bayan shekarar ta wuce.

Excel na Mac, daga fitowar 2011, yakan gyara tazarar da kansa idan aka yi kwafi na yau da kullum, shi ya sa mutum kan daɗe bai taɓa cin karo da matsalar ba. Tana bayyana ne duk inda lambar ta tsallaka tsirara ba tare da an juya ta ba, misali idan an ɗauke shafi sukutum zuwa wani fayil, ko wata makro, wato ƙaramin shirin da ke aiki da kansa a cikin Excel, ce ta kwaso lambobin.

Kafin ka gyara komai, tabbatar da tsarin kowane fayil. Rubuta wannan a akwatin da babu komai, a duka biyun, ka mayar da akwatin General:

```
=DATE(1904,1,1)
```

In ya ba ka 1462, fayil ɗin yana kan 1900. In ya ba ka 0, yana kan 1904. Haka kuma za ka iya leƙa inda zaɓin yake: a Windows, File, sai Options, sai Advanced, ka gangara zuwa When calculating this workbook, za ka ga Use 1904 date system. A Mac yana cikin Preferences, ƙarƙashin Calculation.

A nan ne nake roƙonka ka yi hattara, don mutane da yawa suna ganin wannan zaɓin sai su danna shi a sabon fayil, ranakun da suka kwafo su dawo daidai, su ɗauka an gama. Danna shi ba ya canza ko lamba ɗaya, mafarin ƙirga kawai yake matsarwa, kuma ga fayil ɗin baki ɗaya. Waɗanda ka kwafo za su gyaru, amma duk ranar da ka riga ka rubuta da hannunka a wannan fayil, a kowane shafi, za ta yi gaba da shekara huɗu da kwana ɗaya. Ka toshe ɓaraka ɗaya ka buɗe wata ke nan. Wannan hanyar tana da amfani ne kawai idan sabon fayil ɗin babu wata rana a cikinsa sai waɗanda suka zo daga tsohon, kuma ko a hakan ban so ta ba, domin ka sake haifar da wani fayil mai 1904 da zai dami na bayanka.

Gyaran da nake ba da shawara shi ne a ƙara wa lambobin 1462. Fara ajiye kwafin fayil ɗin a gefe. Sai ka rubuta 1462 a wani akwati da babu komai, ka kwafe shi. Zaɓi ranakun da suka zo daga tsohon fayil su kaɗai, ka buɗe Paste Special, ka zaɓi Values a sama da Add a ƙasa, ka danna OK. Zaɓin Values yana hana ranakun su tuɓe rigarsu su koma lambobi. Yanzu 38790 ta zama 40252, ka ga 15 ga Maris 2010 ta dawo. Wanda ranakunsa suka yi gaba maimakon baya, Subtract zai zaɓa. In kuma ka fi son ka ga tsohuwar da sabuwar gefe da gefe kafin ka yarda, yi a layi na kusa, in ranakun a layin C suke, ka sa wa akwatin tsarin kwanan wata:

```
=IF(C2="","",C2+1462)
```

Kada ka yi ƙoƙarin ƙara shekara huɗu da hannu ko wata 48 da EDATE. Shekarar za ta yi daidai, amma kowace rana za ta gaza da kwana ɗaya, kuma wanda ya kama aiki 1 ga Janairu zai faɗa 31 ga Disamba ta shekarar baya.

Akwai wurare uku da wannan gyaran yake cizo. Akwatin da babu komai, in yana cikin abin da ka zaɓa, zai karɓi 1462, sai ka ga 1 ga Janairu 1904 ta bayyana a gaban sunan wanda ba a cike masa rana ba. In ka ga wannan ranar ka san daga nan ta fito. Na biyu, akwatin da fomula ce a ciki, kamar ranar ritaya da ake lissafowa daga ranar kama aiki, kada ka ƙara masa komai, zai gyaru da kansa idan tushensa ya gyaru, in ka ƙara masa kuwa sau biyu ke nan. Na uku, adadin kwanaki ko awoyi, kamar kwanakin hutu, ba rana ba ne, babu ruwansu da mafarin ƙirga.

Abin da ya fi damuna a irin aikinka shi ne yadda kuskuren yake ɓuya. Idan ka cire ranar haihuwa daga ranar kama aiki, kuma dukkansu daga tsohon fayil suka zo, amsar za ta fito daidai, tunda tare suka zame. Amma duk fomular da ta haɗa su da TODAY() za ta ba da ƙarya, domin TODAY() tana bin tsarin fayil ɗin da take ciki kuma kullum daidai take. Ga ma'aikacin da ake lissafa wa shekara 35 a bakin aiki, wanda ya fara a 2010 zai cika a 2045, amma fayil ɗinka zai ce 2041. Shekara huɗu na albashin mutum ke nan, kuma babu wani jan rubutu da zai fito ya gargaɗe ka. Saboda haka bayan gyara, ɗauko takardun kama aiki na mutum uku ko huɗu ka gwada da abin da ke kan allo. Ranar mako ma tana taimakawa: 15 ga Maris 2010 Litinin ce, 14 ga Maris 2006 Talata, 16 ga Maris 2014 kuma Lahadi. Idan ka ga jerin ma'aikata da yawa sun kama aiki ranar Lahadi ko Asabar, akwai abin dubawa.

Ko akwai dalilin da zai sa mutum ya zauna a kan 1904 da gangan? Guda ɗaya na sani mai ƙarfi. A tsarin 1900, in ka cire ƙarfe tara daga ƙarfe takwas a akwati mai tsarin lokaci, Excel zai cika shi da ##### saboda ba ya nuna lokacin da ya gaza sifiri. Tsarin 1904 yana nuna shi, -1:00, shi ya sa wasu masu lissafin awoyin aiki suke kunna shi. Don haka ka tambayi wanda ya haɗa tsohon fayil ɗin kafin ka taɓa shi. In akwai shafin awoyi a ciki, bar masa tsarinsa, ka gyara abin da ka kwafo kawai. Sabon fayil ɗinka kuwa ya zauna a 1900, kuma ka rubuta a saman layin ranakun cewa an riga an ƙara 1462, da ranar da aka yi, don kada wani ya zo ya sake ƙarawa.