Hanyar raba-biyu da hanyar Newton: tabbas ko sauri

"Me ya sa hanyar raba-biyu ba ta kuskure amsa amma take jan ƙafa idan aka gwada ta da ta Newton? Sau nawa zan raba kafin in tsaya?"

Duka hanyoyin biyu suna neman x ɗin da zai sa f(x) ya zama sifili, shi ne amsar. Tabbacin raba-biyu da nawarta daga tushe ɗaya suka fito: alamar f kawai take dubawa, + ce ko −. Ɗauki f(x) = x² − 2 tsakanin 1 da 2. A 1 ana samun −1, a 2 ana samun +2. Tunda layin f bai tsinke ba, dole ya ratsa sifili a tsakani. Sai ka gwada tsakiya, 1.5, ka samu +0.25, ka jefar da ɓangaren dama. A 1.25 ka samu −0.4375, ka jefar da na hagu. Kullum amsar tana cikin abin da ya rage, kuma abin da ya rage rabin na baya ne.

Shi ya sa tun kafin ka fara za ka san ranar gamawa. In tazarar da ka fara da ita daga a zuwa b ce, tsakiya ta n ba za ta yi nisa da amsa fiye da (b − a)/2ⁿ ba. In kuskuren da za ka lamunta ε ne:

```
n ≥ log₂((b − a)/ε)
```

A misalinmu, da ε = 0.000001, lissafin ya ba da 19.93, wato rabawa 20. Kowace lamba ɗaya da kake so ka ƙara bayan ɗigo za ta ci rabawa kusan 3.32.

Newton kuwa tana amfani da girman f da gangararsa, f′, ta yi tsalle zuwa x − f(x)/f′(x). Daga 1.5 sai 1.416667, sai 1.4142157, sai 1.41421356237. Taku uku ke nan, domin kusa da amsa lambobin da suka dace ninkuwa suke yi. Raba-biyu ba ta cin wannan moriyar. Tsakiyarta ta bakwai, 1.4140625, saura ƙiris ta faɗa kan amsar, wato √2, amma ba ta sani ba, sai ta takwas ta koma 1.41796875. Iyakar kuskure ce ke raguwa rabi-rabi, ba kuskuren kansa ba, don haka kada ka tsaya saboda taku ɗaya ya yi kyau.

Sai dai Newton ba ta yi maka alkawarin komai. A x³ − 2x + 2, in ka fara daga 0 za ta kai ka 1, ta mayar da kai 0, haka har abada. Raba-biyu a tsakanin −2 da −1 za ta kai ka −1.769 ba gardama.

Ita ma akwai inda take yaudara. A 1/x tsakanin −1 da 2 alama ta sauya, amma tsinkewa ce a 0, ba amsa ba. Za ka gane idan |f| yana ƙaruwa alhali tazara tana tsukewa. A (x − 1)² kuma alama ba ta sauyawa, don haka ba ta da inda za ta fara.

Shawarata, ka fara da raba-biyu sau huɗu ko biyar, sannan ka miƙa wa Newton. Duk tsallen da ya fita daga tazarar, ka ƙi shi ka sake rabawa.