Regionale ko Frecciarossa: wanne za ka danna a na'urar tikiti?

"'Yan'uwa, daga Damagaram zan je Italiya ganin wana. Zan hau jirgin ƙasa daga Roma zuwa Napoli, kuma ba na jin Italiyanci. A na'urar tasha wane tikiti zan yanka?"

Ƙanena, fara da tutocin da ke kan allo: taɓa ta Faransa, bayani ya koma Faransanci. Sunayen tashoshi ne ba sa canzawa. Kada ka nemi Rome ko Naples, rubuta Roma Termini da Napoli Centrale. Ka kuma duba sunan da ke jikin na'urar, domin kamfanin jirgin ƙasa na Trenitalia daban, na Italo daban, tikitin wannan ba ya aiki a jirgin wancan.

A na'urar Trenitalia za ka ga jirage jere da lokaci da kuɗi. Frecciarossa, jirgi mai sauri, na kai ka cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Tikitinsa kamar na bas ɗin Yamai ne, mai lambar kujera: an rubuta Carrozza, wato tarago, da Posto, wato kujera, kuma na jirgi ɗaya ne tak. Ba sai ka buga masa hatimi ba. Sai dai a nan na'urar ke tambayar nau'in farashi. Base ya fi tsada, amma za ka iya sauya lokaci kafin jirgi ya tashi. Super Economy da araha, amma ba sauyi, ba mayar da kuɗi; jirgi ya tafi, kuɗinka sun bi shi. Mai saukowa daga jirgin sama, wanda bai san lokacin da zai gama da masu duba fasfo ba, bai kamata ya ɗaure kansa da shi ba.

Regionale kuwa yakan ci awa biyu da rabi ko fiye, yana tsayawa gari-gari, ba kujerar kowa, kuɗinsa kuma kaɗan. Inda baƙi ke faɗawa tara shi ne hatimi. Tikitin takarda na Regionale sai ka zura shi a ƙaramin akwatin da ke kusa da hanyar hawa jirgi, ya buga rana da lokaci. Zaro shi ka duba da idonka. In babu rubutu, bai bugu ba, gwada wani akwatin. Mai duba tikiti ba ya karɓar "ban sani ba".

Kafin ka biya, karanta allon ƙarshe: rana, tasha, yawan mutane, da ko tafiya kawai ce ko har da dawowa. Wasu na'urorin kati kaɗai suke karɓa, saboda haka in takardun yuro gare ka, nemi mai ramin kuɗi tun farko. Wanda ya matso yana cewa zai taya ka dannawa, ka ce masa ka gode.

Ni dai ga baƙo mai kaya zan ce Frecciarossa a farashin Base, ka yanka bayan ka iso Termini.