Kayan gwajin batir da na sayo wa ɗalibaina: zink ɗinsu ƙarya ne

Da a ce daren Juma'ar da kayan nan suka iso na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan ba su ba tare da wani tunani ba. Allah Ya sa na jira Asabar.

Ina koyar da yaran unguwarmu kimistiri a ƙarshen mako a nan Agege, yawancinsu 'yan aji biyar na sakandare, masu hangen WAEC. Shekara da shekaru ina zana musu kofuna biyu a allo, in rubuta 1.10 V a sama, su kwafa, su tafi gida, ba wanda ya taɓa ganin abin da idonsa. Bana na ce a'a, na cire kuɗi daga aljihuna na yi odar akwatin gwajin nan da ake ta tallarsa. Kuɗin kam ba zan faɗa ba, ba sai na tayar wa kaina da hankali ba. A ciki akwai faranti biyu na jan ƙarfe, biyu da aka rubuta Zn, wato zink, a jiki, garin CuSO₄ shuɗi, garin ZnSO₄ fari, takardar tacewa, wayoyi, ɗan kwan fitila ja, da mita.

Da daddare na gwada ni kaɗai. Na narkar da giram 25 na shuɗin garin a ruwa har ya kai mililita 100, farin kuma giram 29 a wani kofin, don ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya. Jan ƙarfe ya shiga shuɗin ruwa, zink ya shiga farin. Na jiƙa takardar tacewa da ruwan gishiri, na ɗora ta tsakanin kofunan kamar gada, baki ɗaya a nan ɗaya a can. Jar wayar mita a jan ƙarfe, baƙar a zink. Mita ta nuna 1.07. Har sai da na kira uwargida ta zo ta gani, ta duba ta ce to, ta koma ɗaki. Don murna na kuma soka farantin zink ɗin da na jan ƙarfe a lemon tsami, na samu kusan 0.9, barci ya ɗauke ni na bar su a ciki har safe. Wannan kam laifina ne, na yarda.

Da safe na tarar farantin ya dushe, ya yi dabbare-dabbare. Takardar da ke cikin akwatin ta ce a goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli kafin a yi amfani da shi. A aji na miƙa wa wani yaro, ɗan mai gyaran janareto, ya kuwa goge shi gaba da baya kamar yana da tsohuwar gaba da shi.

Yana gogewa ina bayani. Na ce musu kowane ƙarfe yana da nasa hali wajen riƙe ilaktiron. Zink mai sakin hannu ne: in ya shiga ruwan sinadari, ƙwayoyin zarrarsa na son su narke su shige ruwan, kowace ta bar ilaktiron biyu a jikin farantin, wato Zn → Zn²⁺ + 2e⁻. A ɗaya kofin kuwa akasin haka ne. Abin da ya sa ruwan shuɗi shi ne jan ƙarfen da ya riga ya rasa ilaktiron biyu, kuma nema yake ya cike gurbinsu ya koma ƙarfe: Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu. Ga mai neman bayarwa, ga mai neman karɓa. Da za ka tsoma zink kai tsaye cikin shuɗin ruwan, nan take za su yi cinikinsu hannu da hannu, zink ya rufe da wata laka ja-ja, ruwan ya ɗan yi ɗumi, kai kuma ba ka samu komai ba. Duk dabarar batir ita ce a raba su gida biyu, a ce ba wata hanya sai ta waya. Ilaktiron su taso daga zink, su bi waya, su isa jan ƙarfe, mu kuma mu tare su a hanya mu sa su aiki.

Boltej kuma fa? Na nuna musu tankin ruwan da ke kan benen makwabta ta taga. Ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi a famfo daga tsayin da aka ɗora tankin yake zuwa. Faɗin tankin ba ya ƙara masa ƙarfi, sai dai ya sa ruwan ya daɗe bai ƙare ba. To a teburin da ke littafinsu zink na zaune a −0.76 V, jan ƙarfe a +0.34 V. Tazarar da ke tsakani ita ce tsayin tankinmu: 0.34 − (−0.76) = 1.10 V. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa, na ce wannan shi ne haɗin da John Daniell ya fito da shi a 1836, kuma yanzu za ku ga lambar nan da idonku.

Mita ta nuna 0.81. Ina kallo ta sauka 0.77, ta ci gaba da zamewa a hankali har wajen 0.7.

Yara goma sha bakwai sun zuba mini ido. Wani daga baya ya ce, "Malam, ko littafin ne ya yi kuskure?" Aji ya kwashe da dariya. Gumi ya fara keto mini, ga shi ba wuta, fanka a tsaye. Na bi abubuwan da na san suna kawo matsala ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko gadar ce ta bushe, na sake jiƙa ta, ba canji. Dama in gada ce ta yanke lambar ba ta tsayawa a 0.7, faɗuwa take ta rinƙa rawa kusa da sifili. Na duba ko an juya wayoyi, amma wannan alamar ɗebewa kawai yake sakawa a gaban lamba, ba ya rage ta. Na zargi mitar, na zaro batirin tocila sabo na auna, ta ba ni 1.5 da ɗan ɗoriya. Mita lafiyarta ƙalau. Gaskiya a duk akwatin ita ce abin da ba ni da ƙorafi a kai.

Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a teburin nan baƙin ƙarfe na a −0.44. In aka haɗa shi da jan ƙarfe 0.78 za a samu. Anya wannan zink ne?"

Na yi tsaye. Yaron da ya yi gugar ya laluba aljihu ya zaro mayen ƙarfe, irin zagayayyen nan na cikin tsohuwar sifika. Ya kai shi kusa da farantin, sai ji muka yi ƙwas, ya manne. Zink na gaskiya mayen ƙarfe ba ya jansa ko kaɗan. Abin da aka sayar mini baƙin ƙarfe ne zalla da aka yi wa siririn rufin zink, ɗan'uwan kwanon rufi, aka buga masa Zn a goshi. Tsamin lemon ya cinye rabin rufin cikin dare, samfefa ta ƙarasa sauran. Lambar ba ta zauna daidai a 0.78 ba saboda ƙarfen na cikin ruwan zink ne, ba nasa ruwan ba, amma unguwar ɗaya ce.

A nan ne na ɗan huce, don abin ya zama darasin da ban shirya ba. Muka ɗauko faranti na biyu wanda ba a taɓa ba. Shi ma mayen ƙarfe ya kama shi, amma da muka tsoma shi mita ta koma 1.06. Ciki ɗaya, boltej daban. Ba sai na yi dogon bayani ba, yaran da kansu suka gano cewa fuskar da ke taɓa ruwan ita ke yin aikin, kuma irin ƙarfen da ke wannan fuskar shi ke yanke boltej. Na sa suka ɗaga farantin sama ya rage bakinsa kawai a ruwa, lambar ta kusa zama inda take. Girma bai canza ta ba. Daga nan na ce su tuna batirin rimot ɗan siriri da ƙaton batirin tocila, duk 1.5 V aka rubuta musu, saboda sinadaran ciki iri ɗaya ne. Babban ya fi daɗewa ne kawai. Na mota kuwa da ke ba da 12 V, ɗakuna shida ne a jere, kowanne na ba da kusan biyu. Sai muka zare gadar, lamba ta faɗi. Na ce musu in ilaktiron na barin wannan kofi suna tafiya wancan, nan caji mai alamar tarawa na taruwa, can kuma yana ƙaranci, in babu gishirin gada da zai rinƙa daidaita ɓangarorin biyu tafiyar tsayawa take. Ranar har mun wuce lokacin tashi ba wanda ya duba agogo. Ina komawa gida ina cewa a raina, to ai kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai da na zauna na sake karanta takardar tasu raina ya kuma ɓaci. Su ne fa suka ce a goge da samfefa. Wato sun sayar maka da rufi, sannan sun umarce ka ka kankare shi da hannunka. Malamin da bai samu ɗaliba irin tawa ba haka zai tsaya yana kame-kame, yara su tafi da cewa lissafin littafi tatsuniya ce. Ga kuma hoton bayan kwali, kofuna biyu kacal sun kunna jan kwan fitila tar. Ba zai yiwu ba. Irin wannan kwan na LED ja yana buƙatar kusan 1.8 V kafin ya fara haske, haɗi ɗaya kuma ko da zink na ƙwarai bai wuce 1.10 ba. Sai ka jera biyu, jan ƙarfen wannan zuwa zink ɗin wancan, ka samu biyu da ɗan wani abu, shi ma hasken sai ka kare da tafin hannu kake ganinsa, don gadar takarda ba ta barin wuta mai yawa ta wuce.

Zink na gaskiya daga ƙarshe a shara na same shi. Tsohon batirin tocila irin mai arha ɗin nan, gwangwaninsa na ciki zink ne. Na ɓare shi da filaya, na kwashe baƙin garin da ledar hannu, na wanke sosai, na miƙe shi. Mayen ƙarfe bai kula shi ba, na goge shi son raina, ya ba ni 1.09. Wanda zai gwada ya kiyaye, kada ya fasa irin wanda aka rubuta Alkaline a jiki, shi gwangwaninsa baƙin ƙarfe ne, ruwan cikinsa kuma yana ƙona fata. Kuma malami ya yi wannan aikin a gida da kansa, kada ya ba yara.

Na tura wa mai kayan bidiyon farantin manne da mayen ƙarfe. Ya ce haka kamfani ya kawo, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara sai ni. Na ce ya aiko mini da faranti biyu na gaskiya, ya ce in biya kuɗin mai kawo saƙo daga tsibirin Legas zuwa Agege, kuɗin da ya fi farantin tsada. Tauraro biyu na ba su, duka biyun na mitar ne. Duk wanda ya riga ya yi oda, ya tari mai kawo kayan da mayen ƙarfe a hannu, ya gwada kafin ya sa hannu a takarda. Yau mako uku ke nan, saƙona na ƙarshe ya nuna an karanta, ba amsa.