Daga "Naka mai biyayya" zuwa "Sai na ji ka": zaɓen kalmar rufe wasiƙa

Kafin ka zaɓi kalmar da za ka ɗora sunanka a ƙarƙashinta, ka koma ka duba yadda ka buɗe wasiƙar, domin rufewa ba ta tsayawa ita kaɗai. Wanda ya fara da "Zuwa ga Mai Girma Darakta" ya ɗauki alkawarin ladabi har ƙarshe, kuma idan ya rufe da "Sai an jima" ya warware abin da ya saƙa da hannunsa.

Mafi nauyi a cikin zaɓuɓɓukan shi ne "Naka mai biyayya". Ya dace da takardar neman aiki, ko neman hutu, ko koke zuwa ga hukuma, wato inda wanda ake rubuta wa yake da ikon amincewa ko ƙi. Amfaninsa shi ne da wuya a kama ka da laifin raini. Illarsa kuwa ita ce yana ajiye ka a ƙasa, saboda haka bai dace da wasiƙar da shugaban wani sashe zai aika wa takwaransa ba, tunda babu biyayya a tsakaninsu, girmamawa ce kawai.

A nan akwai kuskuren da nake yawan gani, kuma yana damuna. Farkon kalmar "naka" yana bin jinsin mai rubutu ne, ƙarshenta kuma yana bin na mai karɓa. Namiji zai rubuta "naka" ga namiji, "naki" ga mace. Mace kuma "taka" ko "taki" za ta rubuta. Sau da yawa mace takan kwafi tsohuwar takarda ta bar "Naka mai biyayya" a saman sunanta, mai karantawa kuma ya gane nan take cewa ba ta sake dubawa ba. Idan ba a san ko mai karɓa namiji ne ko mace ba, ko kuma ofis gaba ɗaya ake rubuta wa, "naku" ko "taku" ya raba gardama, ya kuma ƙara ladabi.

Mataki na tsakiya shi ne "Na gode, a huta lafiya", kuma shi nake ba mutane shawara su riƙe idan suna shakka. Ƙarfinsa yana cikin wannan ɗan harafin "a", wanda ba ya nuna mutum da yatsa. "Ka huta lafiya" maganar tsara ce, ko ta babba ga ƙarami, amma "A huta lafiya" za ta shiga ofishin shugaba ba tare da ta yi karo da kowa ba. "Wassalam" ko "Haza wassalam" ma suna wannan matsayi, sai dai sun fi zama daidai idan da sallama aka buɗe wasiƙar.

Ga misali. Wata ma'aikaciya a sashen kuɗi ta rubuta wa manajan wani kamfani da ba ta taɓa gani ba, tana neman ya aiko da rasit. Ba a ƙarƙashinsa take ba, don haka biyayya ta yi yawa. Sai ta rufe da "Ina fatan samun amsarku. Na gode, a huta lafiya", ta sa cikakken sunanta da muƙaminta. Ya amsa da "Na gode", da sunansa na farko kawai. Wannan alama ce cewa ya sassauta, sai ita ma ta sauko mataki ɗaya: ta riƙe "Na gode" kawai, ta cire muƙamin tunda ya riga ya san shi, amma ta ci gaba da ce masa "ku". Bayan watanni suna musayar saƙo kowane mako, "Sai na ji daga gare ka" ba zai zama rashin kunya ba. Da ya ci gaba da sa cikakken suna da muƙami a kowace amsa, da ta gane cewa tazarar yake so, ta tsaya inda take.

Tsakanin abokan aiki da suka saba, "Sai mun haɗu", "Sai na ji ka" ko "A gaida gida" sun wadatar, na ƙarshen ma sai ga wanda kuka riga kuka san juna sosai. Abu ɗaya nake jan kunne a kai: kada a rage "Taka mai biyayya" ta koma "Taka" kawai da nufin sauƙaƙawa. Tsakanin mace da namiji, "Taka" ko "Naki" tsurarsu sun fi kama da rufewar wasiƙar masoya. Haka kuma idan saƙon abokin aiki ne amma an saka shugaba cikin waɗanda za su gani, to a auna rufewar da shugaban, a koma "Na gode, a huta lafiya".