Tambari a kusurwar hoto: a yanke shi, a goge shi, ko a nemo asalin hoton?

Wani dattijo daga Argungu ya shigo shagonmu na wanke hoto a nan Birnin Kebbi da waya a hannu. Hoton ɗansa ne a bakin kogin Matan Fada ranar gasar kamun kifi, ya rungumo giwan ruwa, jikinsa duk laka, gorarsa na gefe. Baba yana son a wanke masa shi babba, inci 12 da 16, a saka a firem ya rataya a zaure. Abu ɗaya ya tsone masa ido: a ƙasan hoton, kusurwar hagu, ga sunan wayar da aka ɗauka da ita an rubuta da farin rubutu.

"Yaro, wannan rubutun nake so ka cire mani. Ba tallar waya na zo ratayawa ba."

Na ce, "To Baba, za a cire. Amma bari mu auna hoton tukuna kafin ku biya kuɗin firem."

Aunawar nan ita ce mutane ke tsallakewa. Su zaɓi girman firem, su biya, sai an miƙo musu hoto su ga fuska ta yi dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazo.

Da farko a san tambarin na wane ne. Idan wayarka ce ta buga sunanta, kamar yadda wayoyin Tecno da Infinix da Redmi ke yi in an kunna Watermark a saitin kyamara, hoto naka ne, ka yanke yadda ka ga dama. Idan kuma sunan mai hoton biki ne, wannan wata magana ce. Ya sa tambarin ne saboda samfuri ya turo maka, kuma da aikin nan yake ciyar da iyalinsa. Ni ba na yanke irin wannan sai mai shi ya yarda. Kuma ko ta fuskar riba ma kai ke da asara, domin samfurin da masu hoto ke turowa yawanci ƙarami ne, an rage shi da gangan. Ka biya shi ya ba ka cikakken fayil marar tambari, ka huta da yanka, ka samu hoton da zai ɗauki babban firem.

Na Baba na waya ne, ɗan ƙanensa ya ɗauka. Don haka hanya a buɗe take.

Hoto a waya ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, jere a tsaye da kwance. Ka buɗe hoton, ka taɓa Details, za ka ga lambobi biyu, misali 4000 x 3000. Su ne jarinka. Duk yankan da ka yi daga cikinsu kake ɗiba, kuma abin da ya rage shi za a shimfiɗa a kan takarda. Lissafin bai wuce rabawa ɗaya ba: fiksel ɗin gefe ɗaya, a raba da incin wannan gefen a takarda. Abin da ya fito shi ne yawan ɗigon da ke cikin kowane inci. Hoton da za a riƙe a hannu, ana so ya kai 300. In ya sauko zuwa 200 da ɗoriya, mutane da yawa ba za su ga bambanci ba. Na bango, wanda ake kallo daga taku biyu ko uku, 150 ma tana wucewa. Ƙasa da haka ne ido ke fara ganewa: gashin gira ya haɗe, aikin hula ya zama dunƙule, bakin riga ya yi laushi.

Da na duba na Baba sai na ga 1600 x 1200. Nan take na san ta WhatsApp ya biyo. In aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar na matse shi, dogon gefen ya dawo wajen 1600 komai girmansa na asali. Tambarin ya ci kusan fiksel 104 daga ƙasa. In na yanke, tsayin ya koma 1096. A raba da inci 12, ya ba da 91. Rabin abin da bango ke buƙata da ɗan kaɗan. Na faɗa wa Baba gaskiya, in na wanke wannan a 12 da 16 zan karɓi kuɗinsa ne in ba shi abin da zai ji kunyar ratayawa.

Lura da wani abu a nan. Ko ban yanke komai ba, 1200 a raba da 12 ɗari ne cif. Wato ba yankan ne ya kashe hoton ba, tun a hanya ya rame. Yanke tambarin kusurwa yawanci bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsayi ba. Hoton da ke da ƙiba zai jure, wanda ba shi da ita dama can bai isa ba.

Sai muka kira ɗan ƙanen nasa. Na ce ya sake turowa, amma ya zaɓi Document maimakon Gallery, domin ta nan fayil ke zuwa yadda yake ba a taɓa shi ba. Maɓallin HD ma ya fi turawar da aka saba nesa ba kusa ba, sai dai shi ma yana matsewa kaɗan. Hoton ya iso 4000 x 3000. Tambarin a wannan girman ya ci fiksel 260. Bayan yanka tsayi ya zama 2740, a raba da 12, ya ba da 228. Hoto ɗaya, yanka ɗaya, amma daga 91 zuwa 228.

Yanzu wurin da nake so mai saye ya tsaya ya yi tunani, domin nan ne zaɓin girman takarda ke iya sauƙaƙa maka ko ya ƙara maka asara. Kowace takarda da fasalinta. Hoton waya yawanci huɗu ne bisa uku. Takardar inci 4 da 6 uku ce bisa biyu, ta fi shi siranta. Ta 8 da 10 biyar ce bisa huɗu, ta fi shi kusa da murabba'i. Saboda haka ko babu tambari, dole injin ya datse wani gefe kafin hoton ya cika takarda. Dabarar ita ce ka sa wannan datsewar ta dole ta faɗa kan tambarin.

Ɗauki hoton Baba, wanda yake a kwance. In za a wanke shi 4 da 6, faɗin 4000 na buƙatar tsayin 2667 kawai, rarar 333 za ta tafi ko ana so ko ba a so. Injin in an bar shi zai raba ta biyu, rabi sama rabi ƙasa, ya bar maka rabin tambari a hoto. Amma in ka ja yankan duka ya koma ƙasa, 333 ta haɗiye 260, tambari ya tafi ba ka yi asarar komai ba. A 8 da 10 kuwa labari ya sha bamban. Rarar tana gefe ne, fiksel 250 na faɗi, tambarin kuma dogo ne a kwance, 250 ba za ta cinye shi ba. Dole ka yanke ƙasa, sannan ka ƙara yanke gefe don fasali ya daidaita, ka tashi da 3425 x 2740. Ɗigo ya isa, 342 a inci, amma ka rasa fiksel 575 na faɗi. A hoton taro, wannan kafaɗar mutumin da ke ƙarshen layi ce. Da a tsaye aka ɗauki hoton, da 8 da 10 ce za ta yi maka alheri, domin rarar 250 ɗin za ta faɗo a tsayi, ta kusa share tambarin gaba ɗaya.

12 da 16 fasalinta ɗaya da na wayar, babu rara ko kaɗan. Mun yanke 260 a ƙasa, sai muka yanke kusan 347 a gefe, ya rage 3653 x 2740. Na ɗebe ta daga dama, inda babu komai sai bayan 'yan kallo. A ƙasa kuma na faɗaɗa hoton a kwamfuta na duba da kyau: wutsiyar kifin ta tsaya sama da layin yanka da ɗan tazara, laka kawai muka zubar. Tazarar nan na da amfani, domin leɓen firem na rufe 'yan milimita a kowane gefe. In ka yanke daf da yatsun ƙafa, firem zai ƙarasa su.

To in wutsiyar ta shiga cikin tambarin fa? A nan ne gogewa ke shigowa. Ana iya shafe rubutun a Photoshop, ko da Healing na Snapseed a waya, manhajar ta ɗebo launin kusa ta lulluɓe wurin. Ba ka rasa fiksel ko ɗaya ba, wannan ce fa'idarta. A kan laka, yashi, ruwa ko bango marar zane tana fita tsaf. A kan tabarma, atamfa, ko yatsun mutum kuwa takan bar tabo, kuma tabon da ba ka gani a fuskar waya zai fito ƙuru-ƙuru a inci 16. In mai shago ya ce zai goge, ka tambayi kuɗin aikin daban, kuma ka ce ya faɗaɗa wurin ya nuna maka kafin ya tura wa injin. Akwai kuma hanya mai sauƙi da ake mantawa: firem mai farin kwali a ciki, wanda ke zagaye hoton. Kwalin na iya rufe siririn tambari ba tare da an taɓa fayil ba, sai dai firem ɗin zai fi girma, kuɗinsa ma haka.

Da ɗan ƙanen Baba ya ce ya goge asalin, da shawarata ita ce a sauko da girma. Wancan mai 1096 ɗin, a 5 da 7 zai ba da 219, ya yi kyau a kan tebur. A 4 da 6 zai kai 267. A 8 da 10 zai tsaya a 137, wanda ni ba zan sayar wa mutum ba sai na yi masa gwaji ya gani da idonsa. Gwajin ba tsada: a ɗauki ɓangaren fuska a girman da zai fito, a wanke a ƙaramar takarda, ka riƙe ta daga nisan da za a riƙa kallo.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa zai "mayar da shi 300" a kwamfuta. Canza wannan lambar a fayil ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya, kuma in an sa manhaja ta ƙirƙiro ƙarin fiksel, cike gurbi take yi da ƙiyasi, ba za ta dawo da ɓawon kifin da WhatsApp ya zubar ba. Haka in ka ga 72 a bayanin hoto kada gabanka ya faɗi, lambobin nan biyu na faɗi da tsayi su ne abin dubawa. Wanda ya fi duka muni shi ne a ɗauki hoton fuskar waya a kawo: a wayoyi da yawa faɗinsa 720 ne kacal, ko 4 da 6 ba zai cika da kyau ba.

In za ka yi yankan da kanka, ka zaɓi fasalin takardar a cikin Crop tun farko, ka adana da Save copy don asalin ya zauna lafiya, ka sake duba Details bayan yanka, sannan ka kai wa mai shago ta Document ko ta kebul. Baba ya dawo bayan la'asar ya karɓi nasa. Ya ɗaga shi wajen ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallon kifin, sannan ya ce in rubuta masa a takarda inda ake kashe rubutun nan a waya, zai kai wa yaron.